Jinjina Ga Sakatarorin Ƙungiya

A Kamba, garin bakin iyaka da ke Dandi, da yawa daga harkar 'yan kasuwar shinkafa saƙon murya ne ke tafiyar da ita. Shugaban ƙungiya zai yi magana mai tsawo a WhatsApp: gaisuwa, addu'a, ƙorafin hanyar Bagudo, da Hausa da Zabarmanci a cakuɗe. Sakatare ne ke fara rubuta maganar yadda ta fito, sannan ya tace ta.

Aikinsa na farko shi ne raba abin da aka yanke da abin da aka yi fata. "Ya kamata mu ƙara kuɗin dako" ra'ayi ne. "Daga Lahadi an ƙara" hukunci ne. Kowane aiki kuwa sai ya ba shi mai yi da ranar gamawa: ma'aji zai biya direba kafin Juma'a.

Wurin kuɗi ake tuntuɓe. In aka ce "jaka goma", dole ya tambaya: naira ko sefa? Abin da bai ji sosai ba, ba ya cikewa da zato; yana mayar wa shugaba ya tabbatar kafin ya raba wa jama'a. Allah Ya saka wa masu wannan amana da alheri.