Sauya Wa Shafi Adireshi Ba Tare Da Baƙo Ya Ɓata Ba

Sauya wa shafin intanet suna abu ne na daƙiƙa kaɗan, kowa ma zai iya. Inda gwaninta take shi ne abin da za a yi da tsohon adireshin, domin ba ya mutuwa ranar da aka sauya shi. Yana nan a saƙonnin WhatsApp da mutane suka tura wa juna, yana nan a shafukan wasu, yana nan a rumbun Google. Rago sauyawa yake ya tashi abinsa, duk wanda ya biyo tsohuwar hanya ya ci karo da lambar 404, wato ba a samu shafin ba. Mai sanin aiki kuwa sai ya tsaya ya tambayi kansa: tsohon adireshin nan, zai sake dawowa aiki ko ya tafi ke nan?

A ɗauka wata mai sayar da yadi tana da shafi mai adireshin `/shadda-2023`. Shekara ta wuce, lambar ta sa kayan sun zama kamar tsofaffi, sai aka mayar da shi `/shadda`. Idan mai saye ya latsa tsohon mahaɗin, burauzarsa, wato manhajar da yake buɗe shafuka da ita, za ta nemi tsohon shafin a wurin sabar, kwamfutar da ke ajiye da shafukan. Sabar ba za ta miƙo shafi ba. Za ta amsa da abu biyu: lamba mai alƙaluma uku, da layin `Location` mai ɗauke da sabon adireshi. Nan take burauzar ta nufi can, mai saye bai ma lura ba. Wannan shi ne karkatarwa. A idon mutum duk karkatarwa ɗaya ce, amma lambar nan tana faɗa wa na'ura abin da ido ba ya gani.

Lambar 301 cewa take an tashi har abada. Lambar 302 cewa take a je can a yanzu, amma gobe a sake tambaya a nan. Bambancinsu kamar na takarda biyu ne a ƙofar shago: ɗaya ta ce mun koma sabon layi, ɗaya ta ce ana fenti, a same mu a shagon maƙwabci. Wanda ya karanta ta farko ba zai sake biyowa ta nan ba.

Haka burauza take yi. Idan ta karɓi 301, tana da damar ajiye amsar a ma'ajiyarta, kuma in sabar ba ta ƙayyade mata wa'adi ba, takan riƙe ta tsawon lokaci. Daga nan duk sanda aka nemi `/shadda-2023`, kai tsaye za ta wuce `/shadda` ba tare da ta tuntuɓi sabar ba. Ita 302 ba a ajiye ta sai in sabar ce ta ba da izini, saboda haka kullum sai an sake tambaya. Injin bincike ma yana sauraron lambar. Google yana ɗaukar 301 a matsayin ƙwaƙƙwarar alama cewa sabon adireshin ne na ainihi, sai ya maye gurbin tsohon a sakamakon bincike, darajar da tsohon ya tara daga mahaɗan wasu shafuka ta bi shi. In ya ga 302, yakan ci gaba da nuna tsohon, tunda an ce masa za a dawo.

Shafin shadda dai 301 yake buƙata, domin ba mai komawa 2023. A sabar Nginx ga yadda ake rubuta shi:

```
location = /shadda-2023 {
    return 301 /shadda;
}
```

Amma gwani ba ya fara rubuta 301 ɗin. Da 302 yake farawa, ya gwada, sai ya tabbatar komai daidai sannan ya sauya lambar. Dalilinsa shi ne ma'ajiyar nan. A ce da 301 ya fara, hannu ya zame ya rubuta `/shada` da `d` ɗaya, aka kwana a haka. Da safe ya gyara a sabar, amma burauzar duk wanda ya ziyarci shafin cikin daren ta riga ta haddace kuskuren, za ta ci gaba da kai shi inda babu komai, kuma mai shafi ba shi da hanyar shiga wayoyin mutane ya goge. Mafi muni shi ne a yi 301 daga tsoho zuwa sabo, daga baya a canza shawara a juya ta. Burauzar da ta ajiye ta farko za ta iya shiga kai-komo tsakanin adireshin biyu har ta gaji, Chrome ya nuna `ERR_TOO_MANY_REDIRECTS`.

Shi ya sa ba ya gwaji da burauzarsa ta kullum, domin tana iya nuna masa amsar jiya. Sabar yake tambaya baki da baki:

```
curl -I https://example.com/shadda-2023

HTTP/1.1 301 Moved Permanently
Location: https://example.com/shadda
```

Layi biyun nan yake karantawa a tsanake. Yana duba lambar, domin kayan aiki da yawa 302 suke bayarwa in ba a faɗa musu komai ba: haka `header("Location: ...")` na PHP yake yi, haka ma umarnin `Redirect` na Apache. Mutum zai ga shafi yana buɗewa ya ɗauka ya gama, alhali ya shaida wa injin bincike cewa ƙaurar ta wucin gadi ce. Sannan ya gwada sabon adireshin da kansa, ya ga ya amsa da 200, wato ga shafin nan, ba wata karkatarwar ba. Idan shafi ya sauya suna sau uku, ba ya barin na farko ya tura zuwa na biyu, na biyu zuwa na uku. Kowane tsohon suna yakan ɗaura shi kai tsaye da na ƙarshe, domin kowane zango ƙarin jira ne ga mai ƙarancin sabis, kuma manhajar Google mai zagaya shafuka takan daina bi bayan zango 10.

To ina amfanin 302? Idan lokacin sallah mai yadin ta so duk wanda ya nemi `/shadda` ya faɗa shafin rangwame na mako biyu, 302 ce daidai, tunda `/shadda` zai dawo kuma ba a so Google ya manta da shi. Haka ma tura baƙo zuwa shafin shiga kafin ya ga asusunsa.

Akwai wani tarko da sai mai fom a shafinsa yake sani. Idan mai saye ya cike odarsa ya aika, burauza tana amfani da hanyar `POST`, mai ɗauke da bayanan. In ta tarar da 301 ko 302, burauzoji sun daɗe da sabawa da mayar da buƙatar `GET`, bayanan su zube a hanya, oda ta ɓace ba tare da wani saƙon kuskure ba. Domin toshe wannan aka samar da 307, ta wucin gadi, da 308, ta dindindin, waɗanda ke tilasta a sake aika buƙatar yadda take. Saboda haka in adireshin da ke karɓar fom ne ya sauya suna, 308 ake sa masa.

Bayan an kafa karkatarwa, sauran aikin na haƙuri ne. Gwani yakan bi mahaɗan cikin gidan ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su sabon adireshi, ya gyara taswirar shafukan da ake miƙa wa injin bincike. Ba ya kwashe duk tsofaffin adireshi ya tura su shafin farko don ya huta, domin Google na iya ɗaukar irin wannan tamkar shafin da babu shi, kuma wanda ya zo neman shadda bai ga shadda ba. In kaya sun ƙare har abada ba su da magaji, gara a bar 404 ko 410 ta faɗi gaskiya. Ita kuwa 301 ta `/shadda-2023`, shawarar Google ita ce a bar irinta aƙalla shekara guda, kuma da yake layuka uku ne kacal a sabar, da wuya a sami dalilin cire ta ko bayan shekarar.