Jinjina ga Malaman da ke Fassara Wasiƙar Shaida

Malamin Islamiyya a Kibiya zai rubuta wa ɗalibinsa shaida da Hausa, alhali masu ba da tallafin karatu Turanci suke so. Sai a kai wa malamin Turanci a Rano, kuma shi nake jinjina wa.

Wasiƙar Hausa da sallama da doguwar gaisuwa da fatan alheri take farawa. Ta Turanci kuwa adireshi take so, da kwanan wata, da take, sannan a faɗi tsawon sanayya da yaron. Gwani yakan ɗauke fatan alherin ya kai shi ƙarshe, kafin sa hannu.

Inda gwaninta take fitowa shi ne wajen yabo. In malam ya ce yaro yana da kunya, ɗanyen hannu zai rubuta "shy", mai tantancewa ya ɗauka yaron ba ya iya magana cikin jama'a. Gwani sai ya koma ya tambayi malam abin da ya gani, ya rubuta ladabi tare da hujja, kamar riƙe ajin ƙanana ranar da malam ba ya nan. Ba ya ƙara yabon da ba a yi ba, kuma yakan karanta wa malam da Hausa kafin a buga hatimi.