Animatik: Auna Lokaci Kafin a Zana Motsi

Masu koyon fim ɗin katun a Kano da kewaye sukan ɗauki animatik a matsayin ɓata lokaci, suna cewa tunda an riga an zana sitoribod, wato jerin zanukan da ke nuna fim fage bayan fage, babu dalilin tsayawa kafin a shiga zanen motsi. Wannan hukunci bai da tushe, domin sitoribod yana nuna abin da zai faru ne kawai, ba ya faɗin tsawon lokacin da zai ɗauka. Animatik kuwa shi ne waɗannan zanuka marasa motsi bayan an jera su a manhajar tace bidiyo, an ba kowanne adadin daƙiƙunsa, an kuma shimfiɗa murya a ƙarƙashinsu, ta yadda za a kalli fim ɗin tun kafin a yi shi.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A kamfanin Walt Disney aka daidaita tsarin sitoribod a farkon shekarun 1930, kuma a shekarun ne aka riƙa ɗaukar hoton zanukan a kan fim tare da sauti domin gwaji, abin da aka kira Leica reel. A ƙasar Hausa ma sana'ar zanen motsi tana da magabaci, wato Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya fitar da Bon Voyage Sim a 1966, ya zauna shekaru masu yawa a Tawa, ya rasu a 2015. Shi da kansa ya riƙa zana aikinsa da kayan aiki kaɗan, kuma mai aiki a irin wannan hali, kamar matashin da ke zane a Ɗambatta ko Bichi da waya da wutar sola, ya fi babban kamfani buƙatar sanin abin da zai zana kafin ya zana shi. Fim ɗin silima yana tafiya da firam 24 a daƙiƙa, firam kuwa shi ne hoto guda a cikin jerin da ke ba ido alamar motsi. Ko da an bar kowane zane ya tsaya firam biyu, kamar yadda aka saba, daƙiƙa ɗaya tana cin zane 12, don haka daƙiƙa biyar da aka zana sannan aka yanke asarar zane 60 ce.

Matakin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne ɗaukar murya kafin a sa wa zanuka lokaci. Ba sai ta ƙwararren ɗan wasa ba, muryar wucin gadi da aka ɗauka da waya ta isa, muddin an faɗi maganar da saurin da za a faɗe ta a fim. Dalili shi ne tsawon maganar Hausa ba ya bayyana a rubuce: rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali, ba ya nuna karin sauti, balle jan murya da mai tatsuniya ke yi idan ya so ya ƙara wa kalma nauyi. Wanda ya ƙiyasta lokaci ta hanyar ƙirga kalmomi a takarda zai yi kuskure kusan a kowane layi.

Misali zai fayyace wannan. A ɗauka ana shirya fage daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a gidan manomi bayan kaka, kuma sitoribod ɗin yana da zane shida: gida da rumbu daga nesa, Gizo yana hawa rumbu, Gizo yana cusa gero a buhu, Ƙoƙi ta bayyana a bakin zaure, Ƙoƙi tana tambayarsa abin da yake yi, sai Gizo yana ba da amsa. A jeri na farko an ba kowane zane daƙiƙa biyu, jimla 12, kuma da an kunna shi sai aibobin da takarda ta ɓoye su fito fili. Zanen farko ya wuce kafin ido ya gano Gizo a gindin rumbu, saboda a allon waya bai fi ƙwayar gero girma ba, sai a ƙara shi zuwa daƙiƙa uku da rabi ko a matso da hoton kusa. Hawan rumbu ya yi nawa, ga shi ɓarawo ba ya hawa a natse, sai a rage shi zuwa daƙiƙa ɗaya. Amsar Gizo kuwa ta ƙi shiga daƙiƙa biyu, domin an san shi da tsamin baki da inda-inda idan an kama shi, kuma muryar da aka ɗauka ta kai daƙiƙa huɗu.

Gyaran da ya fi duka daraja shi ne wanda babu shi a sitoribod ko kaɗan. Tsakanin tambayar Ƙoƙi da amsar Gizo akwai buƙatar shiru, lokacin da Gizo zai ƙame da buhu a hannu yana ƙirƙiro ƙarya, kuma a wannan shirun ne mai kallo yake dariya. Idan amsa ta biyo tambaya nan take, Gizo ya zama mai gaskiya da ke da hujja a shirye. Idan shirun ya kai daƙiƙa uku, mai kallo zai zaci wayarsa ce ta tsaya. Mai animatik yana ƙara zane na bakwai, fuskar Gizo da idanu a zare, ya gwada shi a firam 12, sannan 24, sannan 36, har ya ji inda dariya ta fi zama. Gwajin nan uku aikin 'yan mintuna ne, alhali a zanen ƙarshe kowannensu zai taɓa motsin baki da na ido da duk abin da ya biyo baya.

Akwai tsohon ra'ayi cewa mutanen karkara sai an ja musu fim a hankali sannan su gane, ra'ayin da William Sellers, shugaban Colonial Film Unit da aka kafa a 1939, ya mayar ƙa'ida ga finafinan majigi. Animatik yana rusa wannan zato ba tare da doguwar muhawara ba. Yaran Makoɗa ko Tsanyawa da suka tashi da tatsuniya suna rigan mai zane sanin abin da Gizo zai yi da zarar ya tunkari rumbu, kuma jan wannan wuri gundura kawai yake jawowa. Abin da ke buƙatar lokaci takamaimai ne: hoton nesa a ƙaramin allo, rubutun da aka sa a fim, da gurbin dariya. Hanyar gane su ita ce a kunna animatik a waya, irin wadda za a kalli fim ɗin da ita, ga mutanen da ba su ga sitoribod ba, a kuma zuba wa fuskokinsu ido. Wanda ya tambayi abin da ya faru ya nuna zanen da ya yi gajarta, wanda ya kau da kai ya nuna wanda ya yi tsawo.

Dabarar tana da iyaka da ya kamata a sani. Zane a tsaye yakan zama kamar ya fi daɗewa fiye da yadda zai zama bayan an ba shi motsi, saboda ido ba shi da abin bi, shi ya sa sabon shiga yake yawan datse lokaci har fim ɗin ƙarshe ya fito a gaggauce. Maganin shi ne a ƙara zanuka biyu ko uku a duk inda aiki yake da matakai, kamar ɗaga buhu da juyowa da sakin sa, a kuma sa sautin taku ko faɗuwa a gurbinsa. Da an gamsu sai a kulle lokaci, a rubuta adadin firam na kowane fage, kada a sake taɓa shi sai da dalili mai ƙarfi.

A nan ake ganin cewa animatik ya fi kusa da fasahar baka a kan fasahar zane. Tsohuwar da ke ba da tatsuniya a tsakar gida tana kallon jikokinta tana auna inda za ta ja da inda za ta tsaya, kuma idan dariya ba ta zo ba a daren yau, gobe za ta sauya. Fim ɗin da aka gama ba ya iya sauyawa a gaban masu kallo, saboda haka animatik ne kaɗai matakin da mai zane yake samun damar da tsohuwar take da ita, ya gwada labarinsa a kunnen mutane, ya gyara, tun zanensa bai wuce bakwai ba.