Jinjina ga Ɗaliban da Suka Iya Godiya

A cikin waɗanda suka yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero akwai wasu da suka cancanci jinjina, wato masu komawa su rubuta wa malamin da ya duba aikin bincikensu imel na godiya, bayan sakamako ya fito, ba sa neman komai a wurinsa.

Aikin ba ƙarami ba ne. "Na gode da komai" kowa ya iya rubutawa, kuma malamin da ɗalibai suka yi wa yawa ba zai gane mai maganar ba. Su kuwa sai sun zauna sun tuno abu guda. A ce ɗalibar aikin gona ce 'yar Liba. Bayan sallama za ta faɗi sunanta da shekarar da ta gama, sannan ta shiga magana: "Malam, kai ka mayar mini da babi na uku, ka ce in koma rumbu in danna wuyan kowace albasa, domin wadda wuyanta bai bushe ba ita ke fara ruɓewa. Lokacin na ji haushi. Bana sai da muka shanya ta mahaifina sosai kafin ajiya, ga ta nan lafiya."

Ta haka malami ke sanin gyaransa ya isa har gona. Ba ta haɗa da roƙon takardar shaida ba, don godiyar da roƙo ya biyo bayanta ta zama shimfiɗa. Masu irin wannan rubutu, Allah ya yi muku albarka.