Debit Ba Cire Kuɗi Ba Ne: Nazari Kan Ƙamusun Kalmomin Akanta

Masu sukar ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi sun daɗe suna cewa aikin banza ne, wai tunda da Turanci ake rubuta jarrabawa, ɗalibi ya haddace kalmar kawai. Wannan magana ba ta da tushe. Tun daga ƙamusun Bargery na 1934 har zuwa na Jami'ar Bayero na 2006, Hausa ta nuna tana iya ɗaukar bayani mai zurfi. Inda ake samun matsala shi ne salon jera kalmar Turanci a hagu, a liƙa mata kalmar Hausa ɗaya a dama, a wuce. A fannin akanta wannan salo ɓatar da ɗalibi yake yi.

Mu ɗauki debit da kiredit. Mai gaggawa zai rubuta cewa debit cire kuɗi ne, kiredit kuma shigar kuɗi, domin haka saƙon banki yake nuna masa a waya. Amma banki daga littafinsa yake magana. Kuɗin da ka ajiye bashi ne kake bin banki, shi ya sa yake rubuta su a ɓangaren kiredit. A littafinka kuwa, waɗannan kuɗi kadara ce, kuma ƙaruwar kadara a ɓangaren debit take zama. A tsarin shigarwa biyu da Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494, debit shi ne ɓangaren hagu na asusu, kiredit ɓangaren dama, kuma duk cinikin da aka yi sai ya bayyana a ɓangarorin biyu da adadi ɗaya. Kadara da kashe-kashen kuɗi a hagu suke ƙaruwa. Jari, bashin da ake bin ka da kuɗin shiga a dama.

Saboda haka nake ganin kowace kalma a ƙamusun akanta ta zo da misali mai ƙafa biyu. A ce ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya fara da jarin naira 500,000. Za a rubuta debit a asusun tsabar kuɗi, kiredit a asusun jari. Ya sayi atamfa ta naira 200,000 kuɗi hannu: debit a asusun kaya, kiredit a asusun tsabar kuɗi. Ga shi kuɗi sun fita, amma kiredit aka rubuta, fassarar mai gaggawa ta rushe ke nan. Daga baya ya karɓi shadda ta naira 100,000 bashi wajen dila: debit a asusun kaya, kiredit a asusun dilan, alhali ko sisi bai motsa ba. In an tara, hagu yana da tsabar kuɗi 300,000 da kaya 300,000, dama yana da jari 500,000 da bashi 100,000. Kowane ɓangare 600,000 ne. Ɗalibin da ya bi waɗannan layuka uku ya kama ma'anar da fassarar kalma ɗaya ba za ta ba shi ba.

Wasu za su ce a bar aro, a yi amfani da kalmar bashi, tunda asalin debit daga kalmar Latin ce mai nufin bashi. Sai dai bashi a Hausa fuska biyu gare shi, kuma aikatau ne ke raba su: akwai mai bin bashi, akwai wanda ake bi. Wannan rabo ya dace ƙwarai da sunayen mutanen biyu, kuma ya kamata ƙamus ya riƙe shi haka. Amma in aka ɗora shi kan debit, me za a ce game da sayen atamfa da tsabar kuɗi, inda babu wanda ke bin kowa? Gara a ari kalmar, a rubuta ta da ƙa'idar Hausa, kamar yadda aka ari banki da rasit, sannan a gargaɗi mai karatu cewa wannan kiredit ba na waya ba ne.

Haka leja take. In aka ce littafin lissafi, yaro zai ɗauka na darasin lissafi ake nufi. Leja babban littafin asusu ne, inda kowane asusu ke da shafinsa, kuma a cikinsa ake kwafe abin da aka fara rubutawa a littafin cinikin yau da kullum. Dole bayanin leja a ƙamus ya tura mai karatu zuwa ga wancan littafi, domin ba a gane ɗaya sai da ɗayan.

Ma'aunin irin wannan ƙamus ɗaya ne. A ba ɗaliban sakandare ciniki uku su shigar da taimakonsa kawai; in hagu da dama ba su daidaita ba, a fara tuhumar bayanin kafin yaran. Malaman Hausa da akantoci su zauna tare su rubuta shi, kuma kada su bari kalma ta shiga ba tare da misalinta ba.