"Sauran dubu ɗari ya biya bayan girbi": ya biya ne, ko zai biya?

Yau ba waƙa ko ƙagaggen labari za mu sa a faifai ba, 'yar takarda ce mai layi uku, irin wadda ake yagowa daga littafin makaranta a rubuta idan kuɗi ya fita daga hannu zuwa hannu. A nan Miga da ƙauyukan da ke bakin kogin Haɗeja, da zarar ruwa ya janye daga fadama aka fara shirin noman rani, za ku ga irinta da yawa, domin lokacin ne masu neman filin shinkafa suke kama gona. Ga samfurin yadda aka saba rubuta ta. A gurbin sunaye na sa Maigona da Manomi:

"Yau Asabar na karɓi kuɗin gona a wajen Manomi dubu ɗari da hamsin. Sauran dubu ɗari ya biya bayan girbi. An yi a gaban shaidu."

Sai sa hannu guda ɗaya a ƙasa. Ku karanta ta da kyau. Babu kuskuren ƙa'idar rubutu ko ɗaya a ciki, kuma a ranar da aka rubuta ta duk wanda ke zaune a kan tabarmar ya gane abin da take nufi. Matsalar ita ce ba don wannan ranar ake rubuta rasit ba. Ana rubuta shi ne don ranar da aka manta, ko aka saɓa, ko ɗaya ya rasu magada suka ɗauko takarda suka kai gaban mai unguwa ko alƙali. Mai karatu na wannan ranar bai ji muryar kowa ba, baƙaƙen da ke kan takarda kawai yake gani.

Mu fara da jimla ta biyu, don nan ne babban ramin yake. Idan Bahaushe ya furta "ya biya", kunne yana rarrabe ma'ana da karin sauti da tsayin wasali. Rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka wannan "ya" guda ɗaya tana iya zama abu uku a cikin jimlar nan. In aka faɗe ta gajera da karin ƙasa, umarni ne ko sharaɗi: ana so ya biya idan an yi girbi. In aka ja ta da karin faɗau, lokaci mai zuwa na biyu ke nan, irin na "kada ka damu, ya biya", wato ana kyautata zaton zai biya, ba tare da an ɗaure shi ba. In kuwa aka faɗe ta gajera da karin sama, to shuɗaɗɗen lokaci ne: sauran dubu ɗarin ne ya riga ya biya bayan girbi. Kun ga ke nan takarda ɗaya ta ce ana bin Manomi bashi, ta ce wataƙila ya biya, ta kuma ce ya gama biya. Tun da babu kwanan wata a jikinta sai "yau Asabar", babu abin da zai hana ɗan Manomi ya tsaya a kan cewa bayan girbi aka rubuta ta, kuma shaida ce ta cewa babansa ya sauke nauyi.

Gyaran ba shi da wuya. A rasit, abin da bai faru ba tukuna a ba shi "zai" ko "za ta", domin su ba sa rikiɗa a rubuce. Abin da ya faru kuma a ƙarfafa shi da "riga": ya riga ya biya. Sannan a fito da mai bin bashi da wanda ake bi da sunayensu: "Maigona yana bin Manomi naira dubu ɗari." Kalmar "saura" ita kaɗai ba ta faɗin a wuyan wa sauran yake.

Sai "bayan girbi". Wane girbin? A fadamarmu ana girbin shinkafar rani, ana na damina, wasu ma suna sa alkama a tsakani. Kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a wannan yanki ya san akwai shekarar da gona ba ta kaiwa girbi sam. Idan ruwa ya cinye shuka, Manomi zai ce sharaɗin bai cika ba tun da ba a yi girbi ba, Maigona kuma zai ce shi lokaci yake nufi, ba amfanin gona ba. Kowannensu yana da hujja a cikin lafazin. Ayar bashi, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, a kan bashi mai ajali ambatacce ta yi magana. To a ambaci ajalin: rana, wata, shekara. In kuma sun yarda cewa ambaliya za ta sa a ɗaga lokaci ko a yi rangwame, wannan jimla ce mai zaman kanta, a rubuta ta daban.

Yanzu mu koma jimlar farko, wajen "kuɗin gona". Wannan ƙaramin mahaɗi, -n, aikinsa ya ƙulla suna da suna, amma ba ya faɗin irin dangantakar da ke tsakaninsu. Kuɗin gona yana iya zama kuɗin sayen gona, yana iya zama kuɗin haya na shekara ɗaya, yana iya zama kuɗin jingina, wanda in an mayar da shi gona za ta koma hannun mai ita. Abu uku ne masu hukunci daban daban, kuma a cikin ɗayansu gonar ta bar gidan ke nan har abada. A ganina wannan ya fi kowane kuskure a takardar haɗari, don rigimar "ya biya" ta dubu ɗari ce, wannan kuwa ta gona ce sukutum. Kalma ɗaya ce ta ɓace: kuɗin hayar gona. A nan zan ɗan ja kunnen masu son rubuta "kafin alƙalami" a duk inda aka ba da wani abu aka bar wani. Kalmar tana da daɗi, amma kunnen mutane ya fi saba jin ta a cinikin saye da sayarwa. In haya ce, ku ce "kashi na farko na kuɗin haya", ya fi tsafta. Kuma a faɗi wace gonar: inda take, da maƙwabtanta gabas da yamma, kudu da arewa, don mutum ɗaya yana iya mallakar fili uku a fadama ɗaya.

Adadin kuɗin ma akwai magana. "Dubu ɗari da hamsin" a baki kowa ya san 150,000 ake nufi, amma a nahawu babu abin da ya hana ta zama dubu ɗari da naira hamsin, 100,050. Na yarda da wuya wani ya yi wannan musun a kan hayar gona. Abin da ya fi damuna shi ne filin da ake bari tsakanin kalmomi: in aka sami ɗan sarari bayan "ɗari", kalmar "biyu" tana shiga cikin sauƙi, sai ga dubu ɗari biyu da hamsin, wato an biya duka. Don haka a maimaita dubun, "naira dubu ɗari da dubu hamsin", a rufe da "kacal", a kuma sa shi da lambobi a gefe. Kalmar "jaka" kuwa a bar ta a kasuwa. Dattawa da yawa jaka a wurinsu naira ɗari biyu ce, a Nijar jikka sefa dubu ce, wasu kuma suna kiran naira dubu da ita.

"Na karɓi" ba laifi, in dai sunan mai karɓar ya biyo bayan "ni". "An yi a gaban shaidu" kuwa ba ta shaidar da komai. "An" lamiri ne da muke amfani da shi idan ba ma son ambaton wanda ya aikata, shi kuwa rasit aikinsa ke nan ya ambata.

Ga yadda takardar za ta kasance bayan gyara:

"Yau Asabar, 14 ga Disamba, 2024, ni Maigona na karɓi naira dubu ɗari da dubu hamsin kacal (N150,000), tsabar kuɗi hannu da hannu, daga hannun Manomi. Wannan shi ne kashi na farko na kuɗin hayar gonata da ke fadamar wuri kaza, mai iyaka da su wane, domin noman rani na bana kaɗai. Jimillar kuɗin hayar naira dubu ɗari biyu da dubu hamsin ne (N250,000). Ni Maigona ina bin Manomi naira dubu ɗari (N100,000), kuma zai biya ni kafin ƙarshen ranar 30 ga Yuni, 2025. Gonar tana nan a matsayin mallakata."

A ƙasa sai cikakken suna da sa hannu ko dangwalen Maigona, da na Manomi, da na shaidu biyu, kowa da sunan mahaifinsa da unguwarsa.

Wani zai ce me ya kawo sa hannun Manomi, alhali Maigona ne ya karɓi kuɗi? Ku duba, takardar ɗauke take da iƙirari biyu. Maigona ya yarda ya karɓi 150,000, wannan kariya ce ga Manomi. Manomi kuma ya yarda ana bin sa 100,000, wannan kariya ce ga Maigona, kuma ba ta da ƙarfi sai da hannun Manomin a kai. Shi ya sa ake rubuta kwafi biyu iri ɗaya, kowa ya tafi da nasa. In ɗayansu ajami yake karantawa ba boko ba, a karanta masa da ƙarfi a gaban shaidu kafin ya dangwala, a kuma ƙara layi ɗaya da ke cewa an karanta masa ya amince.

Akwai kuma gyaran da ba gyara ba ne, wanda ɗalibai suka fi faɗawa ciki. Za ka ba su wannan takarda su goge, sai su dawo da "Wannan shi ne domin a tabbatar da cewa ni wanda sunana ya bayyana a ƙasa...", su cika rabin shafi da kalmomin ofis da aka jawo daga wani harshe, amma "kuɗin gona" da "ya biya" suna nan daram yadda suke. Bisimilla a sama ba ta rage komai, a sa ta. Abin da za ku auna takardarku da shi shi ne ku miƙa wa wanda bai halarci zaman ba, ku tambaye shi: wa ya ba wa, nawa, na mene ne, nawa ya rage, a wuyan wa, zuwa yaushe? Duk tambayar da ya ce "ai ina jin...", to a wannan layin akwai aiki.

Ranar da Manomi ya kawo cikon, kada a soke tsohuwar takarda ko a yi ƙari a tsakanin layukanta. A juya bayan kwafin biyu a rubuta sabon kwanan wata, da cewa Maigona ya karɓi cikon naira dubu ɗari (N100,000), Manomi ya riga ya biya kuɗin hayar gaba ɗaya, Maigona ba ya bin sa komai. Su sake sa hannu, su da shaidu.