Ba Labari Muka Tambaye Ka Ba, Malam

Mai karatu, akwai wata cuta da ta kama yawancin sharhin da ake aiko mana: mutum ya ɗauki biro da niyyar sharhi, sai ya ɓuge da maimaita labari. Ga irin sakin layin da nake nufi, a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934:

"An sace Umar yana yaro. Wani Balarabe mai suna Abdulƙarim ya tafi da shi ƙasar Masar, ya yi karatu ya zama malami. Uwarsa ta fita nemansa, aka yaudare ta aka sayar. Sun haɗu a Tarabulus, ba da daɗewa ba ta rasu. Littafin yana da darasi."

Babu ƙarya a ciki. To amma me ka ƙaru da shi? Duk wanda ya karanta littafin, ko ya kalli fim ɗin Adamu Halilu na 1976, ya riga ya san wannan. Ga gwaji mai sauƙi: akwai jimlar da wani zai tashi ya ce "ban yarda ba"? In babu, ba a fara sharhi ba.

Tambayi kanka me ya sa marubucin ya sa uwa da ɗa duk suka ƙetare sahara ɗaya. Amsar da ka bayar ita ce da'awarka, ita za ta hau gaba:

"Ɓalewa bai tsaya wa'azi a kan bauta ba, makomar uwar Umar ce hukuncinsa. Saharar da ɗan ya ƙetare ya dawo Shaihu, ita uwar ta ƙetare a matsayin haja. Ba ƙoƙari ne ya raba su ba, hannun da kowa ya faɗa ne: Abdulƙarim ya riƙe Umar kamar ɗansa, ita kuwa kuɗi aka gani a jikinta. Shi ya sa ba a bar mu mun more haɗuwarsu ba, mutuwa ta biyo baya."

Ka ga, abubuwan da suka faru suna nan, amma yanzu shaidu ne, kowanne da aikinsa. "Sai kuma" ta ba "shi ya sa" wuri. "Yana da darasi" kuwa ta tafi, Allah raka taki gona.

Sai dai kada daɗin da'awa ya kwashe ka ka rubuta cewa littafin ya la'anci bauta ɗungurungum. Wani zai tuna maka da Makau, mijin uwar Umar, mutumin kirki a labarin, wanda shi kansa ya je harin kamo bayi, kuma ba a zarge shi da hakan ba. Wannan shaidar ba ɓoye ta za ka yi ba. Ƙara jimla ɗaya: tausayin littafin ya fi karkata ga ɗiyar da aka bautar bisa zalunci, bai kai ga waɗanda Makau ya kamo ba.